Hawan Jini Mai Zuwa da Ciki: Alamomin Haɗari da Magungunan da Aka Amince da Su

Ana cewa mai juna biyu tana da hawan jini idan an auna ta an sami 140 bisa 90 ko sama da haka, aka sake aunawa bayan aƙalla awa huɗu aka sami haka. Wata da ciwonta ta shiga cikin. Wata kuwa ba ta taɓa sanin hawan jini ba sai da cikin ya wuce mako 20, wato wajen wata biyar. Idan wannan na biyun ya zo tare da furotin a fitsari, ko ya fara taɓa ƙoda, hanta ko ƙwaƙwalwa, shi ne likitoci ke kira firi'iklamsiya, kuma shi ne ke share wa jijjiga hanya.

Tushen ciwon yana jikin mabiyiya. A farkon ciki, hanyoyin jinin mahaifa kan buɗe su yi faɗi domin jini ya wadaci ɗan tayi. Ga wasu matan buɗewar ba ta cika, sai mabiyiya ta rasa isasshen jini, ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke ɓata rufin cikin hanyoyin jinin uwa. Hanyoyin sai su tsuke, jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin, ruwa ya riƙa fita yana taruwa a jiki. Shi ma ɗan tayin girmansa kan ragu. An fi ganin wannan ga mai cikin fari, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda ta kai shekara 40, da mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda ko tsohon hawan jini, sai kuma wadda ta taɓa yi a cikin baya ko mahaifiyarta ta yi.

Abin da ya sa yake mamayar mutane shi ne da farko ba ya ciwo. Mace na iya daka da girki lafiya lau alhali jininta ya kai 150 bisa 100. Ma'aunin jini da ɗan tsinken gwajin fitsari ne kaɗai ke tona shi a wannan mataki, kuma dalilin da ya sa ake yin su a kowane awon ciki ke nan.

Lokacin da alamomi suka bayyana, abin ya riga ya yi nisa. Ta farko ita ce ciwon kai mai tsanani wanda farasitamol ba ya kwantar da shi. Sai gani dishi-dishi, ko ganin wani haske yana walƙiya. Akwai ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci da amai. Wannan ita aka fi yi wa mummunar fahimta, domin gida kan ce olsa ce a nemo maganin ƙwannafi, alhali hanta ce ke kumbura. Kumburin ƙafa kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, yawancin masu tsohon ciki suna yi. Wanda ake tsoro shi ne na fuska da hannuwa da ya zo farat ɗaya, zobe ya ƙi fita, ido ya ƙanƙance da safe. Haka nan sarƙewar numfashi, da raguwar fitsari, da raguwar motsin ɗa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

A ɗauki misalin yarinya mai cikin fari a mako na 34. A awon baya jininta 110 bisa 70 ne, yau an sami 150 bisa 100, da furotin a fitsari, amma ba ta jin komai. Za a duba jininta don ganin lafiyar ƙoda da hanta da ƙwayoyin da ke sa jini daskarewa, a ɗauki hoton ciki, a fara mata magani, a sa mata ido sosai, sau da yawa a kan gadon asibiti. Idan komai ya tsaya cik, ana jira har mako na 37 a tayar mata da naƙuda. Idan kuwa jinin ya kai 160 bisa 110, ko ciwon kai ya taso, lissafi ya canza. Za a sauke jinin cikin gaggawa don gudun shanyewar ɓarin jiki, a yi mata allurar maganiziyam salfet, wadda babban binciken da aka wallafa a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, sannan a shirya haihuwa ko da ɗan bai cika wata tara ba.

Ƙwayoyin da aka amince da su ga mai ciki uku ne suka fi shahara. Metildofa, wanda aka fi sani da aldomet, shi ne dattijo a cikinsu. Akan fara da miligiram 250 sau biyu ko uku a rana, yana sa kasala da barci, kuma akan sauya shi bayan haihuwa saboda yana iya jawo ciwon damuwa. Labetalol yana aiki sosai, amma ba a ba mai asma. Nifedifin mai narkewa a hankali kan sa ɗan ciwon kai da ɗumin fuska a kwanakin farko. Ba a son jinin ya faɗi warwas, domin ɗan tayi da shi yake rayuwa; wajen 135 bisa 85 ake nema. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ne ke tsayar da adadi, ba maƙwabciya ko mai kemis ba.

Waɗanda aka hana su ne dangin lisinofiril, kaftofiril da enalafiril, da dangin losatan da balsatan. Suna lalata ƙodar ɗan tayi, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙafe, har ya iya mutuwa. Atenolol ma ana ƙaurace masa saboda yana tauye girman ɗa. Mai tsohon hawan jini da ke shan irin waɗannan, ta nemi a sauya mata tun tana shirin ɗaukar ciki, ko da zarar ta ga ɓatan wata. Kada kuma ta zauna babu magani gaba ɗaya.

Dukkan ƙwayoyin nan jini kawai suke saukewa, ba sa warkar da ciwon. Ma'auni na iya nuna 130 bisa 80 alhali hanta na ci gaba da lalacewa, don haka saukar jini ba ta soke alamomin haɗari. Warakar tana farawa ne da fitar mabiyiya. Ta fuskar rigakafi, wadda ke cikin haɗari likita kan rubuta mata ƙaramin asfirin, miligiram 75 zuwa 150 a rana daga mako na 12, da ƙwayar kalshiyam inda abinci bai wadata da shi ba. Daina cin gishiri ba ya hana wannan ciwo.

Haihuwa ma ba ta rufe ƙofa nan take. Jini kan ƙara hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da gida ya shagala da shirin suna, kuma jijjiga na iya zuwa har cikin makonni shida. Kunun kanwa yana da sinadarin da ke cikin gishiri mai yawa, bai dace da mai jegon da jininta ya hau ba. Idan jijjiga ta kama mace a gida, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko a turara mata hayaƙi. A nemi mota a kai ta asibitin da ake tiyatar haihuwa.