Lokutan Aikatau a Hausa da Sifaniyanci: Inda Mai Koyo Kan Yi Tuntuɓe

1.0 Gabatarwa

Abin da manazarta nahawun Hausa suke kira lokaci, akasari yana nuna yanayin aiki ne, wato ko ya kammalu ko yana ci. Kalmomi irin su jiya da gobe, da kuma muhallin magana, su ke nuna yaushe aka yi shi. A Sifaniyanci kuwa, ɗafa-ƙeyar aikatau ita ke ɗauke da wannan bayani. Wannan maƙala za ta dubi kurakurai uku da bambancin yake haifarwa.

2.0 Lokaci Mai Ci

(1) Tela yana ɗinki a Ƙofar Dumi.
(2) Da Audu ya isa Ƙofar Dumi, tela yana ɗinki.

Siffar "yana ɗinki" ba ta sauya ba, alhali jimla ta (2) labarin baya ce. Sifaniyanci ya raba su: *está cosiendo* a ta farko, *estaba cosiendo* a ta biyu. Bahaushe mai koyo, saboda ya riƙe cewa "yana" yanzu yake nufi, yakan rubuta *Cuando Audu llegó, el sastre está cosiendo*. Alamar kuskuren ita ce *llegó* ya kai labarin baya, *está* kuma ya dawo da shi yau.

3.0 Shuɗaɗɗen Lokaci

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu, na ɗaya (sun zo) da na biyu (suka zo). Mai koyo yakan ɗauka su ne takwarorin *vinieron* da *venían*. Ba haka abin yake ba. Ginin jimla shi ke jawo "suka", kamar a tambaya ko ƙarfafawa. "Sun zo jiya" da "jiya suka zo" duka *vinieron* ne, *venían* kuwa ya fi kusa da "suna zuwa" ko "sukan zo" a labarin baya.

Kuskure na uku ya fi waɗannan illa, domin yana sauya ma'ana:

(3) Audu ya san gaskiya.

Siffar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, amma halin da Audu yake ciki yanzu take bayyanawa, don haka fassararta *Audu sabe la verdad*. In a baya ne, sai a ce *sabía*. Wanda ya bi siffar Hausa ya rubuta *supo* ya faɗi wani abu dabam, wato a lokacin ne Audu ya gano gaskiyar. A gaban alƙali, *sabía* yana nuna mai shaida yana sane tun da fari, *supo* kuwa yana nuna samun labari ya yi.

4.0 Kammalawa

Kafin mai koyo ya zaɓi ɗafa-ƙeya, ya kamata ya tambayi kansa abu biyu: yaushe abin ya faru, kuma aiki ne da ya ƙare ko hali ne mai ɗorewa? Lamirin lokacin Hausa ba ya amsa ta farko kullum, a aikatau irin "sani" kuma yakan ruɗe shi a ta biyu.