Me Ya Sa Tsohon Ganye Ke Yin Rawaya Ya Faɗi, Sabo Kuwa Yana Kore?

Duk wanda ya saba shiga gona ya san cewa ganyen da ke ƙasa shi ne ke fara yin rawaya, alhali na sama yana nan kore shar. Mutane da yawa sun ɗauka tsufa ne kurum, shi ke nan. Amma masana ilimin tsirrai sun gano cewa tsiron ne da kansa ke kwashe dukiyar da ke cikin tsohon ganye ya kai wa sabo. Ga yadda wani malamin kimiyya da ɗalibinsa suka tattauna wannan batu a gonar makarantarsu, inda masarar 'yan aji ta yi mako biyar da shuka.

Ɗalibi: Allah gafarta Malam, masararmu ganyenta na ƙasa ya yi rawaya, na sama kuwa lafiya lau. Saiwa ɗaya ce ke shayar da su, na ƙasan ma ya fi kusa da ita. Me ya sa shi ne zai fara lalacewa?

Malam: Madalla da wannan tambaya, yaro. Kafin mu san abin da ya kawo rawaya, sai mu fara sanin abin da ya kawo kore. A cikin ganye akwai wani sinadari mai suna kulorofil. Shi ne ke kama hasken rana domin tsiro ya haɗa sukari daga ruwa da iska, shi ne kuma ke ba ganye launin kore. Wani Bajamushe masanin kimiyya, Richard Willstätter, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1915, shi ne ya nuna cewa akwai maganiziyam a cikinsa. A yau an san cewa kowace ƙwayar kulorofil tana da ƙwayar zarra ɗaya ta maganiziyam a tsakiya, da huɗu na naitirojin kewaye da ita. Ka riƙe sunayen nan biyu, za mu komo kansu.

Ɗalibi: To, rawayar daga ina take zuwa? Tsiron ne ke yin ta idan ganye ya tsufa?

Malam: A'a, tana nan tun ganyen yana ɗanye, koren ne ya rufe ta. Sinadarin da ke ba da ita shi ake kira karotin, shi da danginsa, wato irin wanda ke ba karas da manja launinsu. Idan kulorofil ya rushe, sai rawayar da ke ɓoye ta bayyana. Kana iya gani da idonka. Ka sami ganyen alayyafo kore, ka daka shi da ɗan sifirit irin na asibiti, nesa da wuta, ka tace. Sa'an nan ka tsayar da farin alli a cikin ruwan, bakinsa kaɗai ya taɓa. Bayan 'yan mintoci za ka ga launi ya hau allin ya rabu, rawaya ta fita daban, kore daban, alhali ba ka daka ganye mai rawaya ko ɗaya ba.

Ɗalibi: Na gane, Malam. Amma me ke rushe kulorofil ɗin a tsohon ganye ya bar na sabo?

Malam: Tsiron da kansa. Naitirojin abu ne mai wuyar samu a ƙasa, tsiro kuwa ba ya iya gina sabon ganye sai da shi. Mafi yawan naitirojin da ke cikin ganye, wajen kashi uku cikin huɗu, yana tattare ne a ɗakunan da ake haɗa sukari, cikin furotin ɗin da ke aiki tare da kulorofil. To, tsohon ganye yana ƙasa, na sama sun yi masa inuwa, aikinsa ya ragu. Sabon ganye kuwa yana cikin hasken rana sosai. Saboda haka sai tsiro ya warware waɗannan ɗakuna na tsohon ganye, ya narkar da furotin ɗin, ya tura naitirojin ta cikin jijiyoyi zuwa ga sabon tofo, ko fure, ko 'ya'ya. Kamar mai gida ne da zai bar tsohon ɗaki: sai ya cire azara da ƙyaure ya kai sabon gini kafin ya bar kangon. A yawancin itatuwa, kimanin rabin naitirojin da ke cikin ganye ake ƙwatowa ta wannan hanya kafin ya faɗi.

Ɗalibi: Ashe faɗuwar wani tashin wani ke nan. Amma masararmu mako biyar kacal ta yi, Malam, ai ba ta isa tsufa ba.

Malam: Nan ne amfanin wannan ilimi yake. Idan ƙasa ta gaza ba tsiro naitirojin, ba ya jiran ganye ya tsufa, sai ya fara kwasa tun da wuri. Tsinko ganyen can na biyu daga ƙasa, ka faɗa mini daga ina rawayar ta fara.

Ɗalibi: Daga tsinin ganyen ta fara, ta bi jijiyar tsakiya tana tsukewa kamar bakin mashi. Gefe da gefe kuwa da sauran kore.

Malam: To, wannan ita ce alamar ƙarancin naitirojin a masara. Da a ce gefen ganyen ne ya yi rawaya ya ƙone, tsakiya tana kore, da sai mu ce fotashiyam ne ya gaza. Da kuma zane-zanen rawaya ne tsakanin jijiyoyi, su jijiyoyin suna kore, da sai mu zargi maganiziyam. Duka ukun nan a tsohon ganye suke fara nunawa, domin abubuwa ne da tsiro ke iya ɗauka daga wani wuri ya kai wani.

Ɗalibi: Wato akwai waɗanda ba ya iya ɗauka?

Malam: Akwai. Sinadarin ƙarfe, alal misali, in ya shiga ganye ya zauna ke nan, da ƙyar yake fita. Tsiro kuwa ba ya iya haɗa kulorofil sai da taimakonsa. Saboda haka idan ƙarfe ya yi ƙaranci, tsohon ganye yana riƙe da nasa, yana kore, sabon ganye ne zai fito fari-fari ko rawaya. Ka ga an sami juyin al'amari. Ƙa'idar ita ce: rawayar da ta fara daga ƙasa tana nuna ƙarancin abin da ke iya ƙaura, wadda ta fara daga sama kuwa tana nuna ƙarancin abin da ba ya ƙaura. Wanda ya ga rawaya a sabon ganye ya ruga ya sayo takin naitirojin, yana iya yin asarar kuɗinsa.

Ɗalibi: Mu da namu ya nuna naitirojin ne, wane taki ya kamata mu sa? Akwai sauran kamfa a sito.

Malam: Mu yi lissafi. Kamfar da aka rubuta wa 15-15-15, lambar farko ita ce naitirojin, wato kashi 15 cikin 100. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 7 da rabi ke nan. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 ce, buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. Sai ka haɗa buhu uku na kamfa kafin ka kusa kamo buhu ɗaya na yuriya. Tun da an riga an sa kamfa bayan shuka, yanzu yuriya ce ta dace. Sai dai a kula, ba a watsa ta a bar ta a fili, domin wani kaso nata zai zama iska ya tashi. A haƙa ɗan rami nesa kaɗan da gindin masara, kamar faɗin tafin hannu, a zuba, a rufe, a lokacin da ƙasa ke da danshi. Idan ta taɓa kara ko ganye tana ƙona shi.

Ɗalibi: In mun sa, ganyen nan zai komo kore?

Malam: Wanda ya yi rawaya sarai ya fara bushewa ba zai komo ba, an riga an rushe shi. Abin dubawa shi ne, bayan mako ɗaya zuwa biyu, rawayar ta daina hawa sama, sababbin ganyaye kuma su fito da kore mai duhu. Idan aka yi sakaci kuwa, abin da ake kwasowa daga tsofaffin ba zai ishi sababbin ba, sai a yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Amma kada ka ɗauka kowace rawaya yunwar taki ce. Idan ruwa ya kwanta a gona kwana da kwanaki, saiwa ba ta samun iska, ba ta iya jan abinci ko da akwai shi. Ƙuduji ma yana tsotse masara ta tsumbure. Sa'an nan idan masara ta yi goyo, ƙwaya tana cika, rawayar ganyen ƙasa ba cuta ba ce, tsiron ne ke tura ajiyarsa cikin hatsi.

Ɗalibi: Saura batun faɗuwa, Malam. Iska ce ke karya ganyen?

Malam: Iska tana ƙarasa aikin ne kawai. A itatuwa irin su mangwaro da darbejiya, da tsirrai irin su auduga, akwai wani siririn layi na ƙwayoyin halitta a daidai inda mariƙin ganye ya haɗu da reshe. Muddin ganye yana da ƙarfi, yana aiko da wani sinadari mai suna okzin, wanda ke hana wannan layi rabuwa. Idan ganye ya tsufa sai okzin ya ragu, wata iska da tsiro ke fitarwa mai suna etilin ta sami iko, ta sa a narkar da abin da ya manne ƙwayoyin da juna. A bayan layin kuma tsiro yana shimfiɗa ɗan ɓawo ya toshe wurin, don kada ruwa ya fita ko cuta ta shiga. Shi ya sa in ka fizge ɗanyen ganye za ka ga rauni, amma wanda ya faɗi da kansa tabo mai santsi yake bari. Masara ba ta da irin wannan layi a gindin ganyenta, saboda haka nata bushewa yake yi ya rataye a jikin kara.

Ɗalibi: Yaya za mu tabbatar cewa ganyen ne ke riƙe kansa?

Malam: Ku sami gindin auduga mai lafiya, ku zaɓi ganye biyu masu kusan girma ɗaya. Ku yanke faifan ɗaya da reza, ku bar mariƙinsa a jikin reshe, ɗayan kuwa kada ku taɓa shi. Ku riƙa zuwa kullum kuna ɗan taɓa su da yatsa. Cikin kwanaki za ku ga mariƙin da ba shi da faifai ya ɓalle, domin babu mai aiko masa da okzin, ɗan'uwansa kuwa yana nan daram. Ku rubuta ranar yanka da ranar faɗuwa a littafinku.

Ɗalibi: To, kuka fa, da ke zubar da ganyenta duka, sabo da tsoho, idan rani ya shigo?

Malam: Ita ƙishirwa take gudu. Ganye ƙofa ce da ruwa ke fita ta cikinta, in damina ta wuce sai kuka ta kwashe abin da za ta iya kwashewa, ta sallami ganyen gaba ɗaya. Hanyar dai ɗaya ce da wadda muka bayyana, abin da ya tayar da ita ne ya bambanta. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi tofo, domin saiwarsa tana nutsawa can ƙasa inda ruwa yake. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa a daidai lokacin da gero da dawa ke neman abinci, ga shi kuma babu inuwar da za ta tare musu rana. Abin da ya sa ke nan manoma ba su cika sare gawo a gona ba. Yanzu je ka kira 'yan ajinku, ku zo da fartanya da buhun yuriya tun ƙasa ba ta bushe ba.