Takardar Miƙa Aiki: Abin da Ya Kamata Mai Tafiya Dogon Hutu Ya Bari a Rubuce

MINNA — A sakatariyar gwamnatin Jihar Neja da bankunan da ke wannan birni, al'ada ce tsayayya cewa jami'in da zai bar kujerarsa na wani lokaci mai tsawo sai ya rubuta takardar miƙa aiki ga wanda zai riƙe masa. Amma a manyan shagunan sari da ƙananan kamfanoni na Kasuwar Kure da Tunga da Bosso, sau da yawa da baki ake sallama. Ga shi kuwa dalilan doguwar tafiya ba sa ƙarewa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na makonni 12, maniyyaci aikin Hajji yakan yi wata guda ko fiye, ga kuma masu tafiya ƙaro ilmi ko jinya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika takardar da jerin ayyukan yau da kullum, waɗanda mai karɓa ya riga ya sani. Amfanin takardar yana ga abubuwan da aka fara ba a gama ba a ranar tafiya, domin su ne ke cikin kan mutum ɗaya kaɗai. Ga wanda ke riƙe da kuɗi, waɗannan abubuwa uku ne: kuɗin da ke hannu da na banki, ranakun da doka ta ƙayyade, da kuma iyakar ikon mai riƙon.

A ɗauki misalin akantar wani kamfanin sarin shinkafa a Minna, wadda za ta tafi hutun haihuwa, ta bar wa mataimakinta aiki. Abu na farko shi ne ƙirga kuɗin kashewar yau da kullum, su biyu a zaune. A ce an ware Naira 200,000 domin haka. An ƙirga tsaba an sami 62,500, rasidan abin da aka kashe sun kama 117,500. Jimla 180,000 ke nan, saura 20,000. Akantar ta san cewa direba ne ya karɓa domin sayen man mota zuwa Kontagora, bai kawo rasidi ba tukuna. Idan ta rubuta sunansa da ranar da ya karɓa, shi ma ya sa hannu, lissafi ya cika. Idan kuwa ba ta rubuta ba, bayan wata uku babu mai iya tantance ko a hannun wa kuɗin suka salwanta, kuma zargi zai hau kan mutum biyu da ba su ci ba, ba su sha ba.

Lissafin banki ya fi wannan haɗari. Takardar banki na iya nuna Naira 4,150,000, alhali littafin kamfani na nuna 3,400,000. Bambancin 750,000 cak ne da aka ba wani dillalin shinkafa a Bida, wanda bai kai banki ba tukuna. Mai riƙon da bai san da cak ɗin ba zai iya ganin kuɗi a asusu ya yi odar kaya na miliyan 4. Ranar da dillalin ya gabatar da cak, sai banki ya mayar da shi saboda rashin isassun kuɗi. Ban da zubar da mutunci a idon abokin ciniki, dokar 1977 a kan cak maras kuɗi ta mai da bayar da irinsa laifi. Don haka wajibi ne takardar ta ƙunshi lambar kowane cak da ke waje, da adadinsa, da sunan wanda aka ba, da ranar da aka rubuta shi. Ranar tana da amfani, domin bankuna ba sa biyan cak da ya wuce wata shida.

Abu na biyu shi ne ranaku. Hukuma ba ta san da hutun kowa ba. Harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata ana miƙa shi ga hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Neja kafin ranar 10 ga wata mai bi ta wuce. Harajin kayan masarufi, ga kamfanin da ya hau kansa, ana kai bayaninsa ga hukumar haraji ta tarayya zuwa ranar 21 ga wata mai bi. Kuɗin fansho kuwa, bisa dokar fansho ta 2014, ana tura su cikin kwanakin aiki 7 daga ranar biyan albashi, kuma tarar jinkiri ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na abin da ba a biya ba a kowane wata. Hutun makonni 12 zai ratsa waɗannan ranaku har sau uku. Bai wadatar a rubuta cewa a riƙa biyan haraji a kan lokaci ba. Sai an faɗi ranar, da adadin da aka biya a watan jiya, da inda aka ajiye rasidin, domin mai riƙo ya sami abin gwadawa.

Abu na uku shi ne wanda 'yan kasuwa suka fi mantawa. Takardar miƙa aiki bayani take miƙawa, ba ta miƙa iko. Banki ba zai karɓi sa hannun mataimaki don akanta ta rubuta sunansa a takardarta ba. Sai masu kamfani sun rubuta wa banki, an cike takardun sauya masu sa hannu, kuma wannan yakan ɗauki kwanaki. Haka nan idan lambar tabbatar da biya tana zuwa ne ta wayar akantar, ranar da ta shiga asibiti biyan albashi ya tsaya. Wasu sukan kauce wa wannan ta hanyar barin cak da aka sa wa hannu ba a rubuta adadi ba, ko bayar da lambar sirri. Duka biyun ganganci ne, domin duk abin da aka aikata da sunan mai hutu a kansa zai faɗa. Abin da ya dace shi ne a nemi banki ya ba mai riƙo tasa damar, a kuma rubuta iyakarsa ƙarara: misali, ya biya abin da bai wuce Naira 100,000 ba, abin da ya haura sai da amincewar manaja, kuma kada ya ba sabon abokin ciniki bashi.

Ana iya gane takarda maras inganci tun kafin tafiya. Alamarta ita ce rashin alƙaluma da ranaku, da yawan kalmomi irin su "kamar yadda aka saba". Hanyar gwaji kuwa mai sauƙi ce. A kammala takardar mako guda kafin hutu, a bar mai riƙo ya gudanar da aiki na kwana biyu da ita kaɗai, mai tafiya yana zaune a gefe. Duk tambayar da ya yi, giɓi ne a takardar, sai a rubuta amsar a ciki.

A ranar ƙarshe a sake ƙirga tsaba, a lissafa mabuɗai da hatimi da sauran ganyen cak da ba a yi amfani da su ba. Mai bayarwa da mai karɓa da manaja su sa hannu tare da kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi. Ranar dawowa kuma mai riƙo ya rubuta tasa takardar a kan wannan tsari, domin a san inda alhakin kowa ya fara da inda ya tsaya.