Lamba 34 ba ta zama wuri ɗaya a jiki

Wanda ya shiga kasuwar Gadarif neman wando yakan ce wa mai shago, "Ya Alhaji, 34 nake sawa." Sai dai lambar ba ta gaya masa inda bakin wandon zai tsaya.

Abin da ke yanke wannan shi ne tsawon ɗinki daga tsakanin ƙafafu zuwa bakin wando. A wandon maza, gajere yakan kai inci 8 zuwa 9, ya zauna a kan ƙashin ƙugu. Matsakaici, wajen inci 10, yana tsayawa ƙasa da cibiya kaɗan. Dogo, inci 11 zuwa sama, yana kaiwa cibiya.

Ɗauki siririn saurayi mai inci 32 a cibiya da 34 a ƙashin ƙugu. Wando mai dogon ɗinki, 32 zai saya; mai gajere kuwa, 34. Ga mai tumbi abin juyawa yake: cibiyarsa ta fi faɗi, don haka dogon ne ke neman babbar lamba.

Wanda ya saba da wandon jallabiya mai mazagi ya fi faɗawa kuskuren dogara da lamba kaɗai, tunda mazagi yana bin jiki duk inda aka ɗaure. A ganina, gara tela ya sa tef daidai inda bakin zai zauna. Sannan a gwada a zaune: in bayan ya zame ƙasa, tsawon ya gaza, kuma ƙarin lamba ba zai gyara shi ba.