Cinikin Shago a Waya: Yadda Jimillar Yini Ke Tara Kanta

Yau maganar lissafin shago za mu yi, musamman ga 'yan'uwana masu shagon kayan masarufi a Samaru, waɗanda ke zuwa sari kasuwar Sabon Gari. Yawancinmu muna da littafi, amma wanda bashi kawai ake rubutawa a ciki. Cinikin kansa a ka yake zama, shi ya sa in dare ya yi aka ƙirga kuɗi ba a iya cewa sun cika ko ba su cika ba.

Ka buɗe Google Sheets ko Excel a wayarka. Layin farko na sunaye ne: A kwanan wata, B kaya, C adadi, D farashin ɗaya, E kuɗin kayan, F jimilla zuwa yanzu, G yadda aka biya. E da F ba da hannu ake cika su ba. A layi na biyu, ka rubuta wannan a gidan E2:

```
=C2*D2
```

Wannan kuma a gidan F2:

```
=SUM($E$2:E2)
```

Sai ka kwafe su ka liƙa a layukan ƙasa. Alamar dalar nan ita ce turken: tana ɗaure farkon lissafin a layi na biyu, ƙarshensa kuma yana bin ka duk inda ka sauka. Wasu sun fi son su haɗa jimillar sama da sabon ciniki, kuma yana yi. To amma ranar da ka goge layi ɗaya a tsakiya, duk na ƙasansa sai su koma #REF!. Mai turken ba ruwansa da wannan, ni shi nake ba da shawara.

Bari mu gwada da farashin misali. Taliya 5 a kan 900, an biya a hannu, 4,500 ke nan. Madara gwangwani 3 a kan 700, ɗalibi ya yi tiransifa, 2,100, jimilla ta koma 6,600. Mai shayin layinku ya ɗauki biredi 4 a kan 1,200, sai gobe zai biya, 4,800, jimilla 11,400. Ruwan leda jaka 6 a kan 400, a hannu, 2,400. F ta tsaya a 13,800.

Nan ne ake rikicewa. Ka buɗe durowa ba ka ga 13,800 ba, sai zargi ya hau kan yaron shago, alhali bawan Allah bai taɓa ko sisi ba. Aikin G ke nan. A wani gida can gefe ka rubuta:

```
=SUMIF(G:G,"hannu",E:E)
```

Zai ba ka 6,900. Ka maimaita da "tiransifa" ka samu 2,100, da "bashi" ka samu 4,800. In ka haɗa ukun dole su ba da 13,800. Abin da ya kamata ka tarar a durowa kuwa shi ne 6,900 ɗin, haɗe da canjin da ka buɗe shago da shi, a ce 2,000, a cire 1,000 da ka ba mai Keke ya kawo kaya daga Sabon Gari. Saura 7,900. Wannan za ka ƙirga. Sai dai ka lura, wannan lissafin duk abin da ke shafin yake kwashewa, don haka kowace rana a buɗe mata nata shafin.

In ukun nan suka ƙi haɗuwa da F, ka fara duba rubutunka. Wanda ya rubuta "bashii", ko ya bar sarari bayan kalmar, SUMIF zai tsallake layin shiru, ba zai ce maka komai ba. Haka in ka rubuta "N900" ko "900 naira" a D, manhajar ta ɗauke shi rubutu, sai E ta nuna #VALUE!. Gane shi ba wuya: lamba tana jingina da dama a cikin gidanta, rubutu kuma da hagu.

Sai ranar da mai shayi ya kawo 4,800 ɗin nan. Don Allah kar ka shigar da su a matsayin sabon ciniki, biredin an riga an ƙirga shi jiya. Ka rubuta su a gefe a matsayin bashin da ya dawo, ka ƙara su a kuɗin durowar ranar.

Kuma 13,800 ciniki ne, ba riba ba, kuɗin sarinka na ciki. Amfanin ajiye jimillar kowace rana a Samaru daban ne, domin kasuwarmu da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello take numfashi. Duk wanda ya ga yajin aikin wata takwas na 2022 ya san haka. In kana da jimillar makon hutu da ta makon da aka dawo karatu, ka san yawan biredi da madarar da za ka saro kafin ka hau motar Sabon Gari.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.