Ƙarfen Canel Da Cibiyarsa Da Ke Rataye A Iska

Duk ɗalibin da ya saba wucewa ta gaban masu walda a Turawa, ko Ƙaraye, ko Rogo, ya san ƙarfen canel ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon ƙarfen nan mai kama da kwatami. Idan aka tsayar da shi a gefensa aka leƙa ƙarshensa, za a ga bango guda a tsaye, da leɓe biyu, na sama da na ƙasa, duka suna fuskantar gefe ɗaya, tsakaninsu kuma baki a buɗe. Da shi ake yin ƙafar tankin ruwa da rumfar kasuwa, shi ne kuma ƙashin bayan manyan motocin da ke kwasar masara zuwa Dawanau.

Wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a da ke ba sabon mai koyon walda mamaki. A ɗauka an liƙa shi a jikin ginshiƙi ya miƙo kamar hannu, don a rataya sarƙar ɗaga injin niƙa. Hankali zai ce a rataya kayan daidai cibiyar nauyin ƙarfen, wato wurin nan da malamin fizik ya nuna mana cewa kwali zai zauna a kan tsinin fensir bai faɗi ba. To, ana yin haka sai ƙarfen ya murɗe, bakinsa ya sunkuya ƙasa. A matsar da kayan kan bangon kansa, murɗawar ta ragu amma ba ta tafi ba. Wurin da za a rataya kaya ƙarfen ya lanƙwasa ƙasa sak ba murɗawa yana bayan bangon ne, a iska, inda babu ƙarfe ko ƙwayar zarra. Littattafan Turanci suna kiran wannan wuri shiya santa. Mu a nan za mu kira shi cibiyar zamiya, domin ya samo asali ne daga ƙarfin da ke neman sa wani yanki na abu ya zame a jikin maƙwabcinsa, irin yadda shafukan littafi ke zamewa idan an tura bangonsa.

Kada ku ji kunya idan abin ya ɗaure muku kai, ya ɗaure wa manya. Wajen 1909 wani farfesa Bajamushe, Carl von Bach, ya gwada irin wannan ƙarfe a Stuttgart, ya ga yana murɗewa kuma yana jin jiki fiye da yadda lissafin zamanin ya ce. Sai a 1921 injiniyan gadoji ɗan ƙasar Suwizalan, Robert Maillart, ya fito da bayanin wannan cibiya a rubuce.

Bari mu bi lissafin da ƙarfe guda ɗaya. Tsayin bangonsa milimita 100, faɗin kowane leɓe milimita 50, kaurinsa ko'ina milimita 5. Ya miƙo daga ginshiƙi tsawon mita ɗaya, wato milimita 1,000, kuma an rataya masa kilo 200 a ƙarshe, nauyin buhun masara biyu ke nan. Za mu auna ƙarfi da kilo don sauƙi. Mai son niwuton sai ya ninka da goma.

Da farko, me ke faruwa a cikin ƙarfen idan ya lanƙwasa? Ku lanƙwasa karan dawa ɗanye ku gani: saman yana miƙewa, ƙasan yana tattarewa. Haka canel yake. Leɓen sama ana jan sa, na ƙasa ana matse shi. Jan bai zama ɗaya ko'ina ba. A ƙarshen da kaya ke rataye babu shi sam, yana ta ƙaruwa har ya kai maƙura a gindin ginshiƙi. A can ƙarfin lanƙwasawa shi ne 200 sau 1,000, wato 200,000. A ƙarfe mai wannan awo leɓɓan biyu ne ke ɗaukar kashi uku cikin huɗu, wato 150,000, bango ya ɗauki sauran. Tunda tazarar leɓɓan 100 ce, idan aka raba za a ga ana jan leɓen sama da ƙarfin kilo 1,500, ana matse na ƙasa da kwatankwacin haka. Tan ɗaya da rabi, daga buhu biyu kacal.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wa ke ba leɓen sama wannan ja? Bango ne, kuma bangon yana riƙe da shi ta gefe ɗaya tak, ta kusurwar da suka haɗu. Amma jan da leɓen ke ji ya bazu a duk faɗinsa, don haka tsakiyarsa tana milimita 25 daga bango. Ku tuna abin da ke faruwa idan kuka ja bencin aji ta ƙafa ɗaya ta gefe. Ba ya biyo ku a miƙe, sai ya karkace, sai fa in wani ya tare shi ta gefe. Leɓen ma haka yake neman karkacewa, da ƙarfin 1,500 sau 25, wato 37,500. Abin da zai tare shi shi ne wani ƙarfi na kwance a faɗin leɓen, wanda ke aiki a tsawon milimita 1,000. A raba 37,500 da 1,000, an sami kilo 37.5.

Leɓen ƙasa ma yana da nasa kilo 37.5, sai dai tunda shi matse shi ake yi, nasa ya nufi ɗaya gefen. Na sama yana turawa wajen baki, na ƙasa yana turawa wajen baya. Ƙarfi biyu daidai wa daida, suna saɓa wa juna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa: haka hannayen direba ke yi wa sitiyari. Ba sa gusar da ƙarfen ko'ina, juya shi suke yi, da ƙarfin 37.5 sau 100, wato 3,750, kuma juyin nan bakin yake sunkuyarwa.

Abin da kawai zai kashe wannan juyi shi ne kayan da kansu su juya ƙarfen ta ɗaya hannun. Bango yana tokare kayan sama, kayan suna ja ƙasa. Idan an rataya su a bayan bango, juyinsu ɗaga bakin yake yi. Nisan da ake buƙata shi ne 3,750 a raba da 200, wato milimita 18.75 a bayan tsakiyar bangon. Cibiyar zamiya ke nan. Ga mai son hanyar yanke, idan kauri ɗaya ne ko'ina, b faɗin leɓe, h tsayin bango:

```
e = 3b² / (h + 6b)
```

Ku sa 50 da 100 ku gani, amsar ɗaya ce. Ku lura nauyin kayan bai shiga ciki ba. Ko buhu ɗaya ko goma, cibiyar ba ta motsi, siffar ƙarfen ce kaɗai ke sa ta. Canel na kasuwa yawanci leɓɓansa sun fi bangonsa kauri, don haka adadin kan ɗan canza, amma cibiyar tana nan a waje.

Ita kuwa cibiyar nauyi tana milimita 12.5 daga bango ta ciki, wajen baki. Wanda ya rataya kaya a nan bai kashe juyin ba, ƙara masa ya yi. Tazarar cibiyoyin biyu 18.75 da 12.5 ne, wato 31.25, sai juyin ya zama 200 sau 31.25, wato 6,250. Kamar mutum ne ya sa sifana mai tsawon santimita 25 a ƙarshen ƙarfen ya danna da ƙarfin kilo 25. Cibiyar nauyi ba ƙarya take yi ba, wata tambaya dabam take amsawa: ina nauyin abu ya taru. Tana da amfani idan za a ja ƙarfe ko a matse shi ta tsawonsa. Tambayar ina za a danna shi ta gefe bai juya ba, ta cibiyar zamiya ce.

Wani zai ce sifana da kilo 25 ai ba wani abu ba ne a wurin ƙarfe. Gaskiya ne ga bututu, amma canel rago ne wajen murɗawa, saboda bakinsa a buɗe yake. Ƙarfenmu zai sauka ƙasa da kusan milimita 2 kawai, abin da ido ba zai kama ba. Amma zai murɗe da digiri 3 zuwa 5, gwargwadon yadda waldar ta kama leɓɓansa a gindi, wato saman ƙarshensa zai goce daga ƙasan da milimita 6 zuwa 9. Wannan kam ana gani daga nesa. Haɗarin kuma a gindi yake: murɗawar tana ƙara wa wasu sassan leɓɓan nauyi a daidai wurin walda, bisa wanda lanƙwasawa ta riga ta ɗora musu, kuma idan bakin ya sunkuya, ƙugiyar da aka ɗora a kan leɓe tana iya zamewa ta ƙara nisa da cibiyar. Alamar da za a duba ita ce a tsaya a ƙarshen ƙarfen a hango tsawonsa, kamar yadda kafinta ke duba katako. Idan bangon a tsaye yake a gindi amma ya jirkice a ƙarshe, murɗawa ce.

Za ku iya ganin duk wannan da kwali. Ku yanko mai faɗin santimita 20 da tsawon kamar 50, ku naɗe santimita 5 a kowane gefe, ya zama canel mai awo irin namu. Aboki ya danne gindinsa da kyau a gefen tebur, bangon a tsaye. A ɗaya ƙarshen ku toshe bakin da guntun kwali, ku manna tsinken tsintsiya mai ƙwari a kwance, ya zarce bayan bangon. Ku rataya ƙaramin dutse da zare, ku riƙa matsar da shi a kan tsinken. Ta wajen baki, baki zai sunkuya. Can nesa ta baya, zai ɗaga. Wajen santimita 2 a bayan bango zai sauka sak. Ku zaɓi dutsen da ya fi kwalin nauyi sosai, don nauyin kwalin kansa ta cibiyar nauyi yake bi, shi ma yana ɗan murɗa shi.

Gwanayen walda sun san maganin, ko ba su taɓa jin sunan Maillart ba. Wani kan liƙa ɗan kunne a bayan bango ya rataya kayan a nan. Ku leƙa ƙarƙashin babbar mota a tasha, galibi za ku ga maƙalan sifirin a bayan canel ɗin suke, ta waje. Wani kan haɗa canel biyu baya da baya, leɓɓan hagu su soke juyin na dama, cibiyoyin biyu su haɗu a tsakiya. A ganinmu wanda ya fi duka idan murɗawa ba makawa shi ne a haɗa su baki da baki, a yi walda tun daga farko har ƙarshe, su zama akwati. Akwatin da za a samu daga ƙarfenmu ya fi canel guda ƙin murɗawa kusan sau 600. Amma sharaɗin shi ne waldar ta rufe bakin sosai, don ɗigo biyu ko uku nesa da juna ba sa ba da wannan ƙarfi.