Faifan da ke Nesa: Yadda iSCSI ke Aiki, da Lokacin da Ya Fi Foldar Tarayya

A ofisoshi da yawa akwai akwatin ajiya guda ɗaya, cike da faifai, wanda sauran kwamfutoci ke kai wa ajiya ta waya. Mai kula da kwamfutocin ofis idan ya buɗe shafin saitin akwatin, sai ya tarar da hanyoyi iri biyu. Ta farko foldar tarayya ce, ta SMB ko NFS. Ta biyu kuma iSCSI. Duka biyun waya ɗaya suke bi, daga faifai ɗaya suke ɗiba, shi ya sa mutane ke zaton bambancinsu a gudu yake kawai. Ainihin bambancin yana ga amsar wata tambaya: wa ke riƙe da lissafin inda kowane fayil yake?

Faifai bai san fayil ba. Abin da ya sani shi ne bulo-bulo na ajiya masu lamba, kowanne mai bayit 512 ko 4096. Wanda ke tuna cewa takardar albashi tana cikin bulo kaza zuwa bulo kaza shi ne tsarin fayil, irin su NTFS a Windows, ko ext4 da XFS a Linux.

Ka ɗauka akwatin nan sito ne a kasuwa. A foldar tarayya akwai mai sito zaune da littafinsa. Kowa ya zo sai ya faɗi sunan kayansa, mai sito ya duba littafi ya ɗauko, kuma idan mutum biyu suka nemi abu ɗaya, shi ke cewa wane ya dakata. A iSCSI kuwa ɗaki ake ba ka babu komai ciki, ka jera kayanka yadda ka ga dama, ka riƙe naka littafin. Mai gidan bai san abin da ke ciki ba. Lambar wuri kawai za ka faɗa masa, ya ajiye ko ya miƙo.

Mai nema da mai bayarwa

SCSI tsohon salon umarni ne da kwamfuta ke yi wa faifai magana da shi: karanto bulo kaza, rubuta wannan a bulo kaza. Abin da iSCSI ya yi shi ne ɗora waɗannan umarnin a kan TCP/IP, don su bi kebul ɗin netwok na yau da kullum maimakon kayan Fibre Channel masu tsada. Kamfanonin IBM da Cisco ne suka jagoranci ƙirƙirarsa, hukumar IETF ta fitar da ƙa'idarsa a RFC 3720 a shekarar 2004, aka sake tattara ta a RFC 7143 a 2014.

Ɓangarori biyu ne. Wanda za ka ga an rubuta `initiator` a allo shi ne mai nema, wato sabar da ke buƙatar faifai. Kullum shi ke fara magana, shi ke aika umarni. Windows na zuwa da nasa, Linux kuma na amfani da open-iscsi. Wanda aka rubuta `target` shi ne mai bayarwa, yana zaune a kan akwatin ajiya yana saurare a ƙofar TCP mai lamba 3260. Kason ajiyar da yake bayarwa ana kiransa LUN, kuma mai bayarwa ɗaya na iya riƙe LUN da yawa.

Kowane ɓangare yana da sunansa da ake kira IQN, wanda ba ya canzawa ko da adireshin IP ya canza. Ana gina shi da shekara da wata, sai sunan yankin intanet a juye, sai laƙabi. Na Windows kan fara da `iqn.1991-05.com.microsoft:` sannan sunan injin ya biyo. Da wannan sunan mai bayarwa ke tantance wanda zai bari ya shigo.

Aikin a aikace

Mu ƙaddara wata makaranta na da akwatin ajiya mai Linux, adireshinsa 192.168.50.10. Ana son abu biyu: ma'aikata talatin su riƙa musayar takardu, sannan sabar da ke riƙe rumbun bayanan ɗalibai ta sami ƙarin gigabayit 500. Takardun ma'aikata aikin foldar tarayya ne. Rumbun bayanai kuwa saba ɗaya ce ke taɓa fayilolinsa, don haka LUN ya dace da shi.

A kan akwatin, bayan an ware gigabayit 500 ɗin, ana yin abu huɗu: a gabatar da kason, a ƙirƙiri mai bayarwa, a liƙa masa kason a matsayin LUN, a rubuta sunan sabar da aka yarje wa shiga.

```
targetcli /backstores/block create name=dalibai dev=/dev/vg0/dalibai
targetcli /iscsi create iqn.2024-01.com.example:ajiya
targetcli /iscsi/iqn.2024-01.com.example:ajiya/tpg1/luns create /backstores/block/dalibai
targetcli /iscsi/iqn.2024-01.com.example:ajiya/tpg1/acls create iqn.2024-01.com.example:saba1
```

A kan sabar kuma, sunan da ke cikin fayil ɗin `/etc/iscsi/initiatorname.iscsi` dole ya zo daidai da wanda aka rubuta a layi na huɗu, harafi da harafi. Daga nan sai ta tambayi akwatin abin da yake bayarwa, ta shiga.

```
iscsiadm -m discovery -t sendtargets -p 192.168.50.10
iscsiadm -m node -T iqn.2024-01.com.example:ajiya -p 192.168.50.10 --login
lsblk
```

Umarni na ƙarshe zai nuna sabon faifai mai gigabayit 500, misali `/dev/sdb`, fayau babu komai a kansa, tamkar yanzu aka kunce injin aka ɗaura shi. Sabar ce za ta yi masa fomat da kanta. Wajen rubuta shi a `/etc/fstab`, a yi amfani da lambar UUID, domin harafin faifai na iya sauyawa bayan an sake kunna inji, a kuma ƙara `_netdev` don sabar ta jira netwok ya tashi kafin ta nemi faifan. Wanda ya manta wannan zai ga injinsa ya tsaya cak a tsakiyar tashi, yana neman faifan da bai iso ba.

Idan tambayar farko ta nuna sunan mai bayarwa amma shiga ta ƙi, waya lafiya take. A duba sunan IQN ko kalmar sirri. Idan tambayar ma ba ta sami amsa ba, to matsalar a hanya take: adireshi, ko shingen tsaro ya toshe ƙofa ta 3260.

Kuskuren da ke cinye bayanai

Bayan wata biyu wani zai ce, tunda LUN ɗin nan na da sarari, me zai hana a haɗa saba ta biyu ita ma ta riƙa ajiya a kai? Ƙara sunanta layi ɗaya ne, kuma faifan zai bayyana mata sarai. A nan ake yin asara.

NTFS da ext4 da XFS duk an gina su ne a kan cewa inji ɗaya ke iko da faifai. Kowace saba tana riƙe kwafin lissafinta a ƙwaƙwalwa. Ta farko ta ga wani bulo babu kowa, ta rubuta sakamakon jarrabawa a ciki. Ta biyu ba ta ji labari ba, a nata lissafin wurin har yanzu fili ne, sai ta ɗora wani fayil a kai. Mai bayarwa ba zai hana ba, don shi lambar bulo kawai yake gani. Alamar farko ita ce fayil ɗin da aka ajiye a wannan saba ba ya bayyana a waccan. Daga baya fayiloli su fara buɗewa da shirme, foldoji su ɓace, injin ya fara neman a gyara faifai. Kafin a farga, ɓarnar ta riga ta shiga har cikin kwafin ajiyar ko-ta-kwana.

Ƙa'idar ita ce LUN ɗaya, mai iko ɗaya. Ba a karya ta sai da tsarin da aka gina musamman don injuna su riƙa sanar da juna kafin su rubuta, kamar VMFS na VMware, ko GFS2 da OCFS2 a Linux, ko Cluster Shared Volumes na Windows.

Inda bulo ya fi fayil

iSCSI ya yi fice ne idan manhaja ɗaya ce ke da bayanan, kuma tana yawan rubuta ƙananan abubuwa nan da can cikin manyan fayiloli. Rumbun bayanai haka yake aiki, faifan kwamfutocin da ake gudanarwa cikin wata kwamfuta ma haka. Tunda lissafin fayil na hannun sabar, ba sai ta riƙa neman izini daga akwati kafin ta buɗe ko ta kulle fayil ba. Haka nan akwai manhajojin da sam ba sa yarda da folda ta netwok, sai faifan da suke gani kamar nasu, kuma LUN na biya musu wannan buƙata. Ana ma iya tayar da inji gaba ɗaya daga LUN, ba tare da faifai a cikinsa ba.

Amma kada a ɗauka sauya hanya zai faɗaɗa waya. Kebul mai gigabit ɗaya a daƙiƙa ba ya wuce megabayit 125 a lissafi, a zahiri ma ƙasa da haka, ko SMB ne ko iSCSI. Wanda ke kwafar manyan bidiyo ba zai ga wani bambancin kirki ba.

Inda mutane da yawa ke taɓa takardu ɗaya, foldar tarayya ce ke da gaskiya. Akwatin na ganin kowane fayil, don haka yana iya cewa akanta ya karanta wannan, malami kada ya gani, kuma idan an goge takarda ɗaya bisa kuskure, ita kaɗai za a dawo da ita. A LUN kuwa hoton ajiyar da akwatin ke ɗauka na faifan ne dungurungum, sai an haɗa shi da wani inji kafin a tsamo fayil guda.

Abin da hanyar ke buƙata

Folda idan netwok ya yanke, ma'aikaci zai ga saƙon kuskure ya sake gwadawa. LUN idan ya yanke, a wurin sabar daidai yake da an fizge faifai tana tsaka da rubutu. A saitinsa na asali, open-iscsi na jiran daƙiƙa 120 kafin ya sanar da manhaja cewa rubutu ya gaza, daga nan ext4 na iya komawa karatu kawai. Saboda haka a wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa, bai isa a sa wa saba da akwati batirin ko-ta-kwana ba, suwic ɗin da ke tsakaninsu ma sai an sa masa. Wajen kunnawa akwati ne farko, wajen kashewa shi ne ƙarshe. Inda aikin ba ya jure tsayawa, ana jan kebul biyu ta suwic biyu, a kunna MPIO a Windows ko `multipath` a Linux, don idan hanya ɗaya ta mutu ɗayar ta ɗauka.

Sai tsaro. Sunan IQN kowa na iya rubuta shi a injinsa, shi ya sa ake ƙara kalmar sirri ta CHAP. Ita ma CHAP ƙofa kawai take gadi, bayanan da ke wucewa a waya ba a rufe suke ba sai an ƙara IPsec. Don haka ake ware wa iSCSI netwok nasa daban, inda kwamfutocin ma'aikata da wayoyin baƙi ba sa kaiwa.

A makarantar da muka ƙaddara, tsarin da zai zauna lafiya shi ne: folda ta SMB ga ma'aikata talatin, LUN mai gigabayit 500 ga sabar ɗalibai ita kaɗai, a kan nata suwic mai batiri. Ranar da saba ta biyu ta buƙaci wuri, a yanka mata nata LUN ɗin daban.